Imel zuwa ga darakta: ki rubuta wanda za ta iya amsawa daga cikin mota

Tambaya: Salam Anti. Sati biyu kenan da na fara IT, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a wata ma'aikata a Kaduna. Yau Litinin sufabaiza na ya ce in tura wa daraktar sashenmu imel da kasafin kuɗin wani horo da za mu yi, ta amince kafin Alhamis don a biya kuɗin zaure. Wallahi tun safe nake rubutawa ina gogewa, ni matar nan ban taɓa magana da ita ba sai gaisuwa a matakala. Me zan sa a Subject, ya zan fara, kuma ya tsawonsa zai kasance? Tsoro na kar ta ga kamar ba ni da tarbiyya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara nuna miki inda imel ɗin nan zai je ya sauka, domin in kin ga wurin da idonki rabin goge-gogen nan zai tsaya da kansa.

Na yi shekara shida ina aiki a ofishin wani darakta a Abuja, ni ke tsara masa mitin, ni ke duba akwatin imel ɗinsa da safe kafin ya iso, kuma sau tari ina gaban mota yana baya in za mu fita. To abin da na gani kullum shi ne, bawan Allahn nan ba ya karanta imel a kan tebur da shayi a gefe kamar yadda ke kike hasashe. A bayan mota yake karantawa, tabarau ya zazzago kan hanci, waya a hannu ɗaya, babban yatsa na ta jan sikirin sama, direba na kauce wa masu keke, ga wani kiran na shigowa. Abu uku kawai yake gani a kowane saƙo kafin ya yanke shawarar buɗewa: sunan wanda ya turo, Subject, da ɗan guntun layin farko. Wanda ya gane me ake so daga nan sai ya buɗe ya amsa da kalma ɗaya ya wuce. Wanda bai gane ba sai ya ce zai dawo kansa anjima, kuma anjimar nan ni na san ta, ba ta zuwa, saƙo hamsin sun hau kansa kafin la'asar.

Kin ga mu an tarbiyyantar da mu cewa in ka je gaban babba ba ka faɗa masa buƙata kai tsaye, sai ka durƙusa, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari, sai shi ya ce to madalla me ke tafe da ke. Wannan daidai ne a falo kuma daidai ne a ofishinta in kin shiga da ƙafarki. Amma a imel ba ta nan da za ta ce me ke tafe da ke, sai dai ta yi ta jan sikirin tana nema, kuma kowane layin gaisuwa da kika ƙara tura buƙatar ƙasa kike yi inda ido bai kai ba. Shi ya sa hannunki ke rawa, kina so ki durƙusa a cikin rubutu. Ladabin da babba yake ji a imel shi ne ki kira ta da sunan da ya dace, ki faɗi me kike so da yaushe, ki ba ta abin da za ta yanke hukunci da shi ba sai ta tambaye ki komai ba. Ba a taɓa kawo min ƙarar ƙaramin ma'aikaci wai don imel ɗinsa gajere ne ba, amma na sha jin oga na cewa, wai shi yaron nan me yake so ne?

Kafin ki taɓa komai ki koma wurin sufabaizan naki da tambaya huɗu, minti biyu ne. Nawa ne jimillar kuɗin? Me zai faru in Alhamis ta wuce ba a amince ba, kuma ƙarfe nawa na Alhamis? Ta taɓa ganin kasafin nan a baya, in ta gani me ya canza? Sannan ya ake kiran ta a rubuce? Galibin masu rubutawa suna gogewa matsalarsu ba Turanci ba ce, ba su riƙe waɗannan amsoshin ba ne, sai su cike gurbin da gaisuwa da ban haƙuri. Ki kuma tambaye shi ko imel ɗin shi ne amincewar ko kuwa sanarwa ce kawai, saboda a ma'aikatun gwamnati da yawa maganar kuɗi ba ta tabbata sai an rubuta memo an sa a fayil ya bi teburi-teburi an yi masa minit, imel ɗin tunatarwa ce kawai cewa fayil na hanya. In haka ne a wurinku to abin da za ki roƙa a imel ɗin ya canza, duba fayil za ki ce ba amincewa ba.

Yanzu Subject. Shi ne kashi mafi girma na aikin ko da yake layi ɗaya ne. Waya tana yanke shi bayan harafi 30 zuwa 40, ya danganta da girmanta, sauran sai ɗigo-ɗigo, saboda haka abin da ya fi nauyi shi ke zuwa farko: me kike so ta yi, zuwa yaushe, sannan a kan me. A naki zan rubuta haka:

```
Approval needed by Thu 14 Nov: training budget
```

Na ɗauka Alhamis ɗin taku 14 ga Nuwamba ce don misali, ke sai ki sa ta gaskiya. Ki lura ko da wayar ta yanke rabin ƙarshe, ta riga ta ga cewa amincewa ake nema kuma akwai wa'adi. Na sa rana da kwanan wata duka biyu, ban ce gobe ko jibi ba, domin ba ki san ranar da za ta buɗe ba, goben Litinin ba goben Laraba ba ce. Kuma na rubuta watan da haruffa, in kika sa 11/12 wani zai karanta 11 ga Disamba, wanda ya saba da tsarin Amurka ya karanta 12 ga Nuwamba, in kuna aiki da ƙungiyoyin waje wannan ya sha haɗa rigima.

Waɗanda na fi gani daga 'yan IT da 'yan bautar ƙasa su ne Good morning ma, ko Hello, ko Request shi kaɗai, ko a bar wurin wayam ya fito a matsayin (no subject). Duk waɗannan ba su faɗi komai ba. Sai kuma mai URGENT da manyan baƙaƙe da alamar motsin rai uku, wannan ya fi muni, kamar ki tsaya a ƙofar ofishinta kina buga ƙyaure ne, kuma gaggawarki ba lallai ta zama gaggawarta ba sai kin nuna dalili. Kwanan wata ya fi URGENT ƙarfi nesa ba kusa ba. Akwai kuma wani amfani da mutane ba sa tunawa: wata uku nan gaba in masu binciken kuɗi suka zo suna tambayar wa ya amince da kuɗin zaure, za a shiga akwatin a rubuta training budget a nema, imel mai Good morning ma ba zai fito da sauƙi ba.

Ɗan abu ɗaya kafin in wuce, ki duba sunan da ke fita a kan imel ɗinki. In ofis sun buɗe miki adireshi to da shi za ki tura, ba da naki na gida ba. In ba su buɗe ba, ki tura wa kanki gwaji ki ga me ke fitowa, domin da yawa tun suna sakandare suka buɗe nasu da wani laƙabi irin su gimbiya kaza ko 'yar lelen baba da lambobi a baya, sun ma manta. Darakta ba ta san gimbiya ba. Ki gyara sunan ya zama naki cikakke ko ki buɗe sabo, minti biyar ne.

Sai kiran suna. Nan ne kaɗai wurin da nake so ki kashe lokaci a kan ladabi, domin a ƙasar nan muƙami ba abin wasa ba ne. Wadda ta sha wuya ta yi digirin digirgir in kika ce mata Mrs. ta gani, ba za ta ce komai ba amma ta gani. Haka Prof., haka Engr., haka Barr. Hanya mafi sauƙi ita ce ki nemi wani imel ko takarda da ita ta sa wa hannu ki ga yadda take rubuta sunanta, ki kwafa harafi da harafi, har da ko Aisha take rubutawa ko A'isha ko Aishatu, ko Mohammed ko Muhammad. A Arewa kuma kin san sau da yawa muƙamin da sunan yanka ake haɗa shi, Dakta wance, Hajiya wance, ba da sunan uba ba kamar yadda littafin Turanci ya koyar, to ki bi yadda gidan ke yi. In kin rasa tabbas, Dear Ma ya wadatar a ofishin Najeriya, ba mai ganin laifinki. Amma kar ki ɗauke shi ki kai wa baturiya ko wata daga ƙasar waje, su baƙon abu ne a kunnensu, a can sai Dear Dr. ko Dear Ms. da sunan dangi. Dear Sir/Ma kuwa ki bar shi kwata-kwata, yana nufin ba ki ma san mace ce ko namiji ba, alhali kullum kuna gaisawa a matakala. Hi na abokan aiki ne tsararki. Mummy kuma, na san wasu ofisoshin haka ake kiran manyan mata da baki, amma kar ya shiga rubutu.

Sallama fa? In kin san musulma ce kuma kin ga a ofishin haka ake buɗe imel, babu laifi, layi ɗaya. Amma Kaduna kike, ofis ɗaya za ki samu kowa da kowa, kuma imel yawo yake, yau ke da ita ne gobe an tura shi ga mutum biyar a sashen kuɗi. Ni dai a na aiki Dear nake sawa in bar sallama da ranki ya daɗe sai mun haɗu.

To ga gangar jikin. Zan rubuta miki da Hausa don ki ga ƙashin abin, ke ki mayar da shi Turancinki na yau da kullum, kar ki je neman manyan kalmomi a ƙamus. Alƙaluman nawa ne na misali.

Dear Dr. Wance,

Malam Wane ya ce in nemi amincewarki da kasafin horon ma'aikata na Talata 26 ga Nuwamba, jimilla naira 1,250,000 na mutum 40. Ni ce 'yar IT da ke aiki ƙarƙashinsa.

Masu zaure sun riƙe mana wurin zuwa Alhamis 14 ga Nuwamba ƙarfe 12 na rana, in ba a biya ba za su ba wani.

Na maƙala kasafin, shafi ɗaya ne. Abu ɗaya ya canza daga wanda kika gani a baya: abinci ya tashi daga naira 7,500 zuwa 9,000 a kan kowane mutum, wato ƙarin naira 60,000.

In kin amince, amsa ga wannan imel ya isa mu ci gaba. Na gode.

Sai Kind regards, sunanki cikakke, 'yar IT a sashe kaza, lambar wayarki. Shikenan. In kin ƙirga bai kai kalma ɗari da ashirin ba, kuma duka zai shiga sikirin ɗaya ko da ɗan ja kaɗan.

Bari in warware miki me ya sa kowane abu yake inda yake, don gobe in wani batun ne daban ki iya ginawa da kanki. Na fara da sunan sufabaizanki ba da naki ba, ba don raini ba, sai don sunansa ta sani. Babbar tambayar da ke zuwa zuciyar babba in ya ga saƙon kuɗi daga sunan da bai sani ba ita ce, wa ya aiko wannan, da izinin wa? A aikin gwamnati ma ƙaramin ma'aikaci ba ya rubuta wa na sama kai tsaye, takardarsa ta hannun shugaban sashensa take bi, shi ne u.f.s. ɗin nan da za ki riƙa gani a saman takardu. A imel abin da ya maye gurbin wannan shi ne ki ambaci sunansa a layin farko kuma ki sa shi a Cc, wato layin waɗanda ake ba kwafin saƙo. Da wannan kin fita daga zargin tsallake ogan ki, kuma in ta yi tambayar da ta fi ƙarfinki yana nan yana gani, shi zai amsa.

Wa'adin kuma kin ga ban ce ina so ki amsa kafin Alhamis ba. 'Yar IT ba ta ba darakta wa'adi. Masu zaure ne suka ba da wa'adi, ke labari kawai kika kawo. Wannan ita ce dabarar da ke raba tsakanin matsa wa babba da taimaka masa, ranar ɗaya ce amma bakin da ta fito daban. Shi ya sa ASAP ba shi da wuri a nan, yana da ƙamshin umarni kuma bai ma faɗi yaushe ba.

Layin abin da ya canza shi ne wanda zai sa ta tuna sunanki. Ba ta da lokacin ɗora tsohon kasafi kusa da sabo tana neman bambanci, kuma babba ba ya son ya sa hannu a kan abu daga baya ya gano an cusa ƙari bai lura ba. Da kika faɗa da kanki, da lissafin a fili, 1,500 sau 40 ya ba da 60,000, kin cire mata shakka. Amma ki buga lissafin a kalkuleta sau biyu, ki tabbata jimillar da ke cikin imel ita ce ke cikin fayil. In imel ya ce 1,250,000 fayil ya ce 1,205,000, ba za ta tsaya tunanin yatsa ne ya zame ba, za ta ajiye duka ta ce a sake dubawa, Alhamis ta wuce.

Abin da ba ya ciki kuma da gangan ne. Babu ki yi haƙuri na dame ki, babu na san kina da ayyuka da yawa, babu ni sabuwa ce in na yi kuskure a yafe min. Aiki aka sa ki, ba bara kika je ba. Irin Turancin nan na takardar neman aiki ta zamanin iyayenmu, I humbly beg da with due respect da your most obedient, ki bar shi, please ɗaya da thank you ɗaya sun ɗauke nauyin duka. Na san da farko za ki karanta ki ji kamar ya bushe, kamar tuwo ba miya, kowa haka ya ji. Ki karanta shi da ƙarfi kamar kina tsaye gabanta bayan kun gama gaisawa ta ce ina jin ki, za ki ji ashe daidai yake. Rubutun WhatsApp ma ya tsaya a WhatsApp, su pls da u da tnx da fuskokin dariya. Kuma buƙata ɗaya a imel ɗaya. In kina so ta sa miki hannu a logbuk ɗinki na IT, kar ki liƙa shi a ƙarshen wannan da sunan jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya, za ta amsa ɗaya ta manta ɗaya, kuma ba ke za ki zaɓi wanda za ta manta ba.

Fayil ɗin ki mayar da shi PDF, don Excel a waya sai an yi ta jan shi hagu da dama, sai dai in an ce za ta yi gyara a ciki. Ki sa masa suna na mutunci irin wannan, ba Document1 ko final final 2 ba:

```
Training_Budget_26Nov.pdf
```

Ki buɗe shi bayan kin maƙala ki tabbata shi ne, ba na makon jiya ba. Kar ki ɗauki hoton takarda da waya a kan cinya ki tura, da inuwar hannunki a gefe. Gmail ba ya ɗaukar maƙale da ya wuce 25 MB, in ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, kuma nan ne ake yawan faɗawa rami, ta danna ta ga Request access saboda ba a buɗe mata izini ba, ita kuma ba za ta roƙi izini daga 'yar IT ba, rufewa za ta yi. Kasafi mai shafi ɗaya dai ba zai kai ko kusa ba.

Yanzu maganar turawa, kuma nan zan ba ki labarin kunyar da na sha. Watana na uku a aiki, na rubuta wa wata ƙawata a ofis ɗan guntun saƙo ina ƙorafin cewa an sake ɗage mitin karo na uku, har da cewa mutanen nan ba su san darajar lokacin mutane ba. Na buga haruffa uku na farkon sunanta a To, na'ura ta cike sauran, na danna Send ina dariya. Ashe wata mataimakiyar darakta sunansu ɗaya, ita ta fito a sama. Na ga sunan daidai lokacin da saƙon ke ficewa, cikina ya ɗuri ruwa, na ji zufa har tafin ƙafa. Matar kirki ce, ta amsa da cewa ta ɗauka ba ita na nufa ba, amma wata guda ina bin ɗaya matakalar don kar mu haɗu. Tun daga ranar To shi ne abu na ƙarshe da nake cikewa. Ki rubuta Subject, ki rubuta saƙo, ki maƙala fayil, ki karanta, sannan ki sa adireshi, ki kalli adireshin gaba ɗayansa ba sunan kawai ba. Imel da ba shi da adireshi ba ya tafiya ko da yatsanki ya zame.

Ki kuma shiga Settings na Gmail a kwamfuta ki nemo Undo Send, yana da zaɓin daƙiƙa 5, 10, 20 da 30, ki sa 30. Mafi yawan kuskure a daƙiƙun farkon nan ake ganin sa. In Outlook kuke amfani da shi akwai Recall, amma kar ki dogara da shi, a tsakanin 'yan ma'aikata ɗaya kawai yake aiki kuma ba kullum yake cin nasara ba. Bcc kar ki taɓa shi a saƙon aiki irin wannan, sa mutum ne ya ji magana a ɓoye, in ya tonu ke za a kalla. Kuma wannan na farkon ki nuna wa sufabaizan kafin ki tura, ba gazawa ba ce, sunansa ne a layin farko, yana da hakkin gani.

Ki tura yau ɗin nan kafin a tashi, kar ki kai shi gobe kina ƙara goge shi. In dare ya riske ki, akwai Schedule send, ki sa shi ya fita ƙarfe 8 na safe, kar saƙonki ya yi mata ƙara a waya ƙarfe ɗayan dare.

In Talata ta wuce shiru, kar ki fara tunanin ta ji haushi, kusan kullum ba ta kai kansa ba ne. Laraba da safe ki faɗa wa sufabaiza, in ya ce ki tuna mata, ki buɗe wanda kika tura ki danna Reply All a kansa don tsohon saƙon ya biyo a ƙasa kuma shi ma ya ci gaba da gani, layi biyu: ina tunatarwa a kan kasafin da ke ƙasa, masu zaure za su saki wurin gobe ƙarfe 12. Ki sake maƙala fayil ɗin don amsa ba ta ɗauko shi da kanta. Kar ki ce ban ji daga gare ki ba, wannan tuhuma ce. Sannan ki taka da ƙafarki zuwa wurin sakatarenta ko sakatariyarta, a nan ne za ki yi doguwar gaisuwar da kika haɗiye, ki ce akwai imel a kan zaure da wa'adinsa gobe. Mu da muka zauna a kujerar nan mun san lokacin da oga ke da minti biyu, kuma yaron da ya gaishe mu da mutunci nasa muke fara turawa gaba. Kiran wayarta ko bin ta WhatsApp kuwa ba naki ba ne, na sufabaiza ne.

In amsa ta zo, ki shirya ganin kalma ɗaya tak, ba Dear ba gaisuwa. Ba fushi ba ne, a mota take. Amma ki karanta kalmar da kyau don ba duka ɗaya suke ba. Approved amincewa ce, ki amsa da Thank you Ma layi ɗaya, ki tabbata sufabaiza ya gani, ki adana saƙon. Noted kuwa na gani ne kawai, ba a biyan naira 1,250,000 a kan Noted, ki kai wa sufabaiza ya san yadda zai tambaya. Ok na tsakiya ne, a maganar kuɗi shi ma ki nuna masa kafin kowa ya motsa. In kuma kika ga See me, na san gabanki zai faɗi, nawa ma ya sha faɗuwa, amma galibi tambaya ce da ta fi sauƙi da baki fiye da bugawa a waya, wataƙila a kan ƙarin kuɗin abincin nan ne. Ki faɗa wa sufabaiza tukuna, wataƙila ya ce ku je tare, ki fitar da kasafin a firinta kwafi biyu, ki riƙe biro da takardar farashin mai abinci, ki tambayi sakatare yaushe za ki iya shiga.